Darasi: Yadda Mai Walda Ko Tela Zai Rubuta Tarihin Aikinsa a Takarda

Idan kamfanin gine-gine ko masana'anta suka buƙaci mai walda, ko makaranta ta buƙaci telan da zai ɗinka mata yunifom, sukan ce kowa ya kawo takardar tarihin aikinsa, wadda aka fi sani da si-bi. A nan ne gwanaye da yawa kan ja da baya. Mutum ya shekara goma sha biyu yana ƙona ƙarfe, amma da aka miƙa masa biro sai ya ce ba shi da abin rubutawa, tunda bai taɓa aikin albashi ba, kuma ba makaranta ce ta koya masa ba. Wani kuma ya tafi shagon buga takardu, a kwafo masa takardar wani, a canza suna kawai.

Duka biyun kuskure ne. Wanda zai karanta takardar so yake ya san abu huɗu: a ina ka koya, yaushe, me hannunka yake iya yi, kuma wa zai tsaya maka shaida. Aikin shago yana da amsar kowacce daga cikinsu, sai dai amsoshin a warwatse suke, wasu a kanka, wasu a littafin oda, wasu a bakin maigidanka. Aikinmu a wannan darasi shi ne tattaro su. Ƙa'idar da za mu bi guda ɗaya ce: kada ka rubuta layin da ba za a iya bincikawa a tabbatar ba.

Za mu bi misalin wani mai walda a Kaduna, ɗan shekara 28, wanda ya zauna haɗa takardarsa a shekarar 2024. Misali ne kawai don koyo, kowa ya sa nasa a madadinsa.

Neman shekaru

Abin da ya fara fito masa a baki shi ne, "Ai na kai shekara ashirin a walda." Haka muke magana, kuma ba da nufin ƙarya ba. Amma mai ɗaukar aiki yana ganin shekarar haihuwa a saman takarda, 1996, zai kuma yi lissafi ya ga cewa mutumin nan tun yana ɗan shekara takwas ke nan ya fara. Daga nan ya daina yarda da sauran abin da ke ƙasa. Saboda haka dole a nemo shekarun na gaskiya.

Wanda bai riƙe kwanan wata ba ya jingina da abin da kowa ya sani. Malamar da ke taimaka masa ta tambaye shi, "Malam, lokacin da aka kai ka shago, me ake ciki a gari?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, ba a daɗe da gama yajin aikin nan na ƙarin kuɗin mai ba, har babana yana cewa gara sana'a da zaman banza." Wannan yajin aiki a watan Janairun 2012 aka yi shi, ke nan a farkon 2012 ya shiga shago, yana ɗan shekara goma sha shida ko ƙasa da haka kaɗan. Yaye kuwa ya tuna an yi masa bayan ƙaramar sallah, shekara guda da 'yan makonni bayan rantsar da sabuwar gwamnati a 2015. Ƙaramar sallar 2016 a farkon Yuli ta faɗo, an sami wata da shekara ke nan. Buɗe shagonsa bai ba da wahala ba, domin rasit ɗin injin waldan da ya saya yana nan cikin leda a ƙasan akwati, an rubuta Afrilu 2019.

A kula da jingina da azumi ko sallah kaɗai. Watannin Musulunci suna matsowa gaba da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka "da azumi ne" bai isa ba sai an haɗa da wani abu, kamar zaɓe, ko kullen korona na 2020, ko wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, ko shekarar aure, ko haihuwar ɗan fari. Idan shekara ta tabbata amma wata bai tabbata ba, a rubuta shekarar kawai. Ba laifi ba ne.

Da aka gama, shekarun suka zama goma sha biyu: huɗu na koyo, kusan uku yana yi wa maigidansa aiki ana biyansa, biyar yana cin gashin kansa.

Koyo daban, aiki daban

Yawancin masu sana'a sukan dunƙule duk wannan su ce "walda, 2012 zuwa yau". Dunƙulewar tana cutar da su, domin tana ɓoye abin da ya fi daraja, wato hawa daga mataki zuwa mataki. Yaron shago da ke riƙe ƙarfe da goge walda ba ɗaya yake da wanda aka yaye ba, wanda aka yaye kuma ba ɗaya yake da wanda ke karɓar aiki da kansa, ya yi lissafin kaya, ya biya yara ba. A raba su uku, a fara da na yanzu a koma baya, domin idon mai karatu saman takarda yake fara sauka.

Ga yadda nasa ya fito da Hausa kafin a juya shi:

> Mai shagon walda, aikin kaina, Kaduna. Afrilu 2019 zuwa yau.
> Ina ƙera ƙofofi, tagogi, get da ƙafar tankin ruwa. Kimanin ƙofa 40 a shekara. Ni nake awo, da lissafin kaya, da yanke farashi. Yara uku suna koyo a hannuna.
>
> Mai walda a shagon maigidana, Kaduna. Yuli 2016 zuwa Maris 2019.
> Ana biyana bisa aiki. Nakan je gidajen da ake ginawa in ɗauki awo in kafa ƙofofi da tagogi. Nakan riƙe shago idan maigida ya yi tafiya.
>
> Koyon walda a hannun maigidana, Kaduna. 2012 zuwa Yuli 2016.
> Awo, yanka, haɗa firam, waldar lantarki a kwance da a tsaye. An yaye ni a Yuli 2016.

A takarda ta gaske, inda aka ce "maigidana" za a sa cikakken sunansa, da sunan shagon idan yana da shi, da unguwa ko layi. Shago da yawa ba su da suna, kuma kada a ƙirƙira masa. "Shagon wane, layin kaza, kusa da kaza" ya wadatar, tunda wanda ya so zai iya zuwa ya tarar da shi. Haka kuma kada ka kira rumfarka kamfani idan ba ka yi mata rajista da hukumar CAC ba, domin ana iya neman lambar rajista. Wanda ya rubuta "manajan darakta" alhali injin walda ɗaya da janareta yake da su, dariya zai ba mai karatu. "Aikin kaina" ya fi nauyi.

Wannan "kimanin ƙofa 40" ba daga sama ta faɗo ba. Littafin oda na 2023 aka buɗe aka ƙirga, aka sami 41. Wanda ba shi da littafi ya yi lissafi da wata: idan yakan yi ƙofa uku a wata mai kasuwa, ɗaya ko biyu a wata marar kasuwa, to a shekara zai faɗo tsakanin 20 da 30, sai ya rubuta na ƙasa. Rage adadi ba ya jawo tambaya, ƙari ne ke jawowa.

Akwai kuma aikin wucin gadi. A 2022 wani ɗan kwangila ya ɗauke shi wata uku a wurin ginin wani babban sito, suna haɗa ƙarafan rufi. Da farko bai so ya sa ba, wai ai ba a ba shi takarda ba. Alhali ga kamfanin gini wannan ne layin da ya fi kowanne amfani, domin yana nuna ya taɓa aiki a sama, ya taɓa bin zane, ya taɓa aiki ƙarƙashin injiniya. Sai dai a rubuta shi yadda yake: "aikin wata uku ƙarƙashin ɗan kwangila wane, a ginin sito a wuri kaza". Kada a ce "na yi aiki da kamfani kaza" idan ba kamfanin ne ya ɗauke ka ba. Za su duba littafinsu ba su ga sunanka ba.

Me hannunka ya iya?

Nan ne zuciyar takardar, kuma nan aka fi yin sakaci. "Na iya kowace irin walda" magana ce da ba ta gaya wa fomin komai, sai dai ta nuna masa mai maganar bai san yawan ire-iren walda ba. Wanda ya san aiki da sunan abu yake magana.

A walda abu huɗu ake faɗa. Na farko irin waldar: ta lantarki da sanda, ko ta gas wadda masu gyaran jikin mota da salansa ke yi da kabayid, ko ta argon. Na biyu irin ƙarfen da kaurinsa, domin wanda ya saba da falle mai kaurin milimita 1.2 na ƙofa ba lalle ne ya iya haɗa farantin milimita 10 ba, wanda sai an fere bakinsa an bi shi sawu biyu ko uku, kuma wanda ya saba da mai kauri yakan huda siriri. Na uku sandar da kake aiki da ita. Abin da ake kira geji 12 a kasuwa shi ne milimita 2.5, geji 10 kuma milimita 3.2, lambar da ke jikin kwali kuwa, wadda mafi yawan shaguna ke amfani da ita, E6013 ce. A manyan ayyukan ƙarfe ana yawan neman E7018, wadda ba ta son danshi ko kaɗan, sai an adana ta a busasshen wuri mai ɗumi, riƙonta kuma daban ne. Idan ba ka taɓa ƙona ta ba, kada ka rubuta ta. Na huɗu yanayin da kake iya walda a ciki: a kwance kan benci, a tsaye jikin bango, ko a sama da kai. A takardun kamfanoni za ka ga 3G, wato a tsaye, da 4G, wato sama da kai, da 6G, wato bututun da aka kafe a karkace ba a juya shi. Wannan na ƙarshe shi ne gwajin masu waldar bututu, kuma mai ƙofa da taga ba shi da dalilin da zai sa shi a takardarsa don kawai ya ji ana faɗa.

Mutuminmu ya rubuta: "Waldar lantarki a kan baƙin ƙarfe, kauri daga milimita 1.2 zuwa 6, da sanda E6013 mai milimita 2.5 da 3.2, a kwance da a tsaye. Ina karanta awo da inci da milimita. Ina bin zane mai sauƙi." Sannan ya kawo aiki guda da ya fi alfahari da shi: ƙafar tanki mai tsayin mita 6 da ya yi wa wani masallaci a 2021, tana ɗauke da tankin lita 2,000. Duk wanda ya san aiki ya san lita 2,000 na ruwa tan biyu ne, kuma ƙafar tana nan tsaye, ana iya zuwa a gani. Layi ɗaya irin wannan ya fi "mai ƙwazo, mai gaskiya, mai haƙuri" sau goma. Waɗannan kalmomi kowa yana rubuta su, har wanda aka kora jiya.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, a sana'ar hannu takarda ƙofa kawai take buɗewa, gani ya kori ji. Za a ba ka ƙarfe biyu a ce haɗa. Fomin zai kankare dattin saman waldar ya duba ko ta yi ƙananan ramuka, ko gefenta ya zaizaye, wani lokaci a yanka a lanƙwasa a ga ko ta shiga ciki ko a sama kawai ta kwanta. Abin da ka rubuta shi za a gwada ka a kai. Idan ka rubuta sama da kai, sama da kai za a kafa maka.

Tela ma haka zai yi da nasa. Ya faɗi ko ɗinkin maza yake yi ko na mata, ko yana yanka da kansa ko haɗawa kawai yake yi, domin a wurin mai ɗaukar aiki mai yanka daban yake da mai taka keke. Ya faɗi kekunan da ya saba da su, na ƙafa, ko na lantarki irin na masana'anta, ko na kama bakin yadi, ko na aikin wuya. Sannan ya faɗi saurinsa da adadi, kamar kaftani nawa yake gamawa a rana, ko yunifom nawa ya taɓa ɗinka wa wata makaranta a cikin mako nawa.

Abin da ka koya wa kanka

A 2023 masu gidaje suka fara tambayarsa ƙarfen matakala na silba, wato ƙarfen nan mai sheƙi da ba ya tsatsa, wanda da argon aka fi yin waldarsa. Maigidansa bai taɓa yin ta ba. Ya riƙa zuwa shagon wani abokinsa da yamma yana kallo, yana kallon bidiyo a waya, yana gwadawa da guntayen bututu. Da fari waldar baƙi take fitowa kamar an ƙona ta, alamar zafi ya yi yawa ko gas bai rufe wurin ba, har ya kai ga tana fitowa da hasken ruwan zinariya. Zuwa lokacin rubuta takardar ya yi wa gidaje huɗu.

Yaya za a rubuta wannan? Mutane kan bi ɗayan hanya biyu: ko su ɓoye don kunyar cewa ba wanda ya koya musu, ko su cusa shi cikin abin da suka koya a wurin maigida. Ta biyun ta fi haɗari, domin ranar da aka kira maigida zai ce, "Argon? A'a, ban koya masa wannan ba." Shi gaskiya ya faɗa, kai kuma ka zama maƙaryaci. A ba shi wurinsa daban, a faɗi yadda aka koya, da tun yaushe, da aikin da aka yi da shi, da iyakarsa:

> Abin da na koya da kaina: waldar argon a kan siririn bututun silba, tun 2023. Na yi ƙarfen matakala a gidaje huɗu. Ban yi a kan alminiyom ko bututun da ke ɗaukar matsin ruwa ko gas ba.

A ganina jimlar ƙarshen nan ita ce mafi tsada a takardar. Mutumin da ya san inda iyawarsa ta tsaya, shi ake sakin jiki a ba shi aiki. Abin da kuwa ka gani a bidiyo amma ba ka taɓa yi wa kowa an biya ka ba, ka bar shi tukuna.

Shaidu

Kafin ka sa sunan kowa, je ka same shi. Mutuminmu ya tafi wurin maigidansa da goro, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, aiki nake nema a kamfani, sun ce in kawo shaidar inda na koya. Na zo neman alfarma a rubuta mini, kuma idan sun kira a amsa." Tsohon ya ce, "Allah ya sa albarka. Kira yaron nan ya rubuta, in sa hannu."

Wasiƙar ba ta buƙatar tsawo. Ta ƙunshi sunan maigida da adireshin shago da lambar wayarsa, sunanka kamar yadda yake a katin shaidarka na ɗan ƙasa, shekarar shiga da ta yaye, ayyukan da ka koya, sa hannu da kwanan wata, da hatimi idan akwai. A karanta wa maigida shekarun da ke cikin takardarka ya ji, don kada bakinku ya saɓa. Idan maigida ya rasu, ko kun rabu ba daɗi, a nemi shugaban ƙungiyar masu sana'ar na yankin, ko babban yaron shagon da ya riga ka, a kuma faɗi matsayinsa a fili. Shaida ta biyu ta fito daga wanda ka yi wa aiki, kamar shugaban kwamitin masallacin nan mai tanki. Ɗan'uwa na jini ba ya shiga wannan layi.

Hotuna su zama na aikinka, gara ma a gan ka a ciki kana yi, ko a ga aikin kafin fenti, domin fenti yana rufe aibin walda kuma fomin ya san haka. Shida zuwa goma sun isa.

Wanda yake son takardar gwamnati a kan abin da ya riga ya iya, hanya a buɗe take. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gwajin sana'a, wanda a jikin takardarsa ake rubuta Trade Test, mai aji uku: ana farawa da na uku, na ɗaya ne ƙololuwa. Hukumar NABTEB, da aka kafa a 1992, tana jarrabawar fasaha da sana'o'i. Hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna tana da tsarin tantance ƙwarewar da mutum ya samu a wajen makaranta, a duba aikinsa a ba shi shaida. Ka je ofishin da ƙafarka ka tambayi sharuɗɗa da kuɗi. Duk wanda ya ce kawo kuɗi da hoto ya kawo maka takardar ba tare da an gwada ka ba, guje shi.

A shagon buga takardu

Yawancin kamfanoni a Najeriya da Turanci suke son takardar, saboda haka za a juya ta. Ka je da rubutunka na Hausa a hannu, ka zauna kusa da mai bugawa, kada ka bari ka dawo. Kalmomi uku ka tabbatar ka gan su a allon kwamfuta a inda ya dace: Apprentice a wurin koyo, Self-employed a wurin aikin kanka, Self-taught a wurin abin da ka koya da kanka. Masu bugawa sukan yi aiki a kan tsohuwar takardar wani, sai ka tarar an bar maka difloma da ba ka yi ba, ko an ce sha'awarka ita ce karatu da tafiye-tafiye. Ka sa a karanta maka layi-layi ana fassarawa, duk abin da ba kai ka faɗa ba a goge. A wurin ilimi a sa abin da yake akwai, firamare, Islamiyya, ajin yaƙi da jahilci da shekararsa. Shafi ɗaya ya isa. Lambar waya kuwa ka karanta ta da idonka sau biyu, ka karɓi kwafi a wayarka don gyaran gaba.

Aikin aji

1. Rubuta shekarar da ka shiga koyo, da ta yaye, da wadda ka fara aikin kanka. A gaban kowacce ka faɗi abin da ka jingina da shi wajen gano ta.
2. Wani tela ya rubuta: "Na iya ɗinki kowane iri, na daɗe ina yi." Sake rubuta masa a layi uku yadda za a iya bincikawa.
3. Kawo aiki guda da ka yi wanda har yanzu ana iya zuwa a gani. Faɗi wurin, da shekarar, da girmansa.
4. Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai ɗaukar aiki, ya tambayi ɗan'uwansa a kan kowane layi: "Wa zai shaida wannan?" Layin da ba a sami amsarsa ba a ja masa alama, a zo da shi darasi na gaba.